Shirin darasin rabi da rubu'i a aji huɗu: yadda ya rabu uku, da yadda aka haɗe shi

Kowane malamin firamare a Ghana ya san babban littafin nan da ake ajiyewa a teburin hedimasta ranar Litinin da safe. A ciki malami yake rubuta shirin darussansa na mako, hedimasta ya bi shi da jan biro, ya sa hannu, ya buga kwanan wata. Yawancin abin da ake dubawa a wannan zaman shi ne ko an cike kowane gurbi, ko rubutu ya fita, ko an kawo littafin a kan lokaci. Shiri yana iya wuce wannan duba lafiya lau, sannan ya kasa tsayawa minti goma a gaban wanda ya san aiki. Haka ya faru da wata malamar aji huɗu a wata makarantar Turanci da Arabiyya ta gwamnati a cikin zangon Kumasi, can ɓangaren Aboabo. Ni ne nake jagorantar zaman malamai na mako-mako a makarantar, wanda ake kira PLC, don haka na ga shirin kafin a duba shi, na kuma zauna da ita wajen sake shi. Ba zan faɗi sunanta ko na makarantar ba.

Sai na fara da tsarin da take aiki a cikinsa, domin wanda ya bar aji tun zamanin tsohuwar manhaja ba zai gane takardar yanzu ba. A watan Satumba na 2019 aka fara aiki da sabuwar manhajar da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, wato NaCCA, ta fitar, daga ajin share fage zuwa aji shida. A cikinta kowane abin da za a koya yana da lamba. Wanda malamar ta ɗauka a wannan makon shi ne B4.1.3.1.2. B4 na nufin aji huɗu, 1 na farko babban reshen Lambobi ne, 3 ƙaramin reshen lissafin kaso, wato su rabi da sulusi da rubu'i, 1 na biyu mizanin da ake so yaro ya kai, sannan 2 na ƙarshe shi ne abin da malamai ke kira indiketa, wato takamaiman abin da za a ga yaro yana yi. Ma'anar wannan indiketa a taƙaice ita ce yaro ya gane kaso biyu masu daraja ɗaya, ya faɗi sunansu, ta hanyar zane da layin lambobi, har ya kai ga gano ƙaramar lambar ƙasa da za ta haɗa su, lambar ƙasa kuwa ita ce wadda ake rubutawa a ƙasan kaso, kamar 2 a cikin 1/2. Darasi kuwa an kasa shi uku: buɗewa, gundarin aiki, da waiwaye a ƙarshe. Ita tana da minti sittin, wato darasi biyu na minti talatin a haɗe, da yara hamsin da takwas a rajista.

Masu zuwa duba aiki iri biyu ne. Akwai jami'in da ofishin hukumar ilimi ta Ghana, wato GES, yake ba wa rukunin makarantu, wanda a da ake kira mai kula da da'ira, yanzu ake ce masa SISO. Shi ne mai yawan zuwa, kuma aikinsa ya haɗa da gyara da ba da shawara. Akwai kuma sufetocin hukumar NaSIA, wadda doka mai lamba 1023 ta shekarar 2020 ta kafa, masu zuwa su auna makaranta gaba ɗaya, su zauna a aji su kalli darasi. Wanda ya zo wa malamar tamu SISO ne, kuma ɗan zango ne, don haka bayan an gama abin ofis da Turanci, sauran maganar da Hausa aka yi ta.

Abin da ke cikin shirin farko

Da Turanci ake rubuta shiri, ni kuma ma'anarsa zan kawo. Ta kwafe lambar indiketa daidai. A gurbin abin da ake so yaro ya iya a ƙarshen darasi ta rubuta cewa yara za su fahimci kaso masu daraja ɗaya. A gurbin kayan aiki ta sa tsinken takarda, wato takardar da aka yanka siri-siri, da hoton layin lambobi. A gurbin manyan ƙwarewa ta jera duka shidan da manhaja ta ambata, har da ta sanin na'ura, a ajin da babu ko soket. Buɗewa waƙar ƙidaya bibbiyu ce. Gundarin aiki ya ce malama za ta bayyana cewa idan aka ninka lambar sama da ta ƙasa da lamba guda, daraja ba ta canjawa, za ta yi misali huɗu a allo, yara su maimaita, su kwafa. Aikin aji kuwa tambayoyi biyar ne: biyu na cike gurbi irin 1/2 = ?/4, biyu na neman ƙaramar lambar ƙasa da za ta haɗa 1/3 da 1/4 da makamantansu, ɗaya na jera kaso uku daga ƙarami zuwa babba.

Rubutun yana da kyau, babu gurbin da aka bari, kuma malamar ba raguwa ba ce. Ta koyar da abin da ta rubuta, muryarta tana kaiwa bencin baya, yara sun amsa waƙa. Da na tsaya a taga kawai da na ce darasi ya yi.

Jami'in bai fara da shafin farko ba. Bayan an tashi, ya ce a tara masa littattafan aikin yara, ya zari wasu daga sama, wasu daga tsakiya, wasu daga ƙasa. Ya karanta tambayoyin biyar tukuna, sannan ya koma kan gundarin aiki, sannan ya hau sama ya karanta manufa da indiketa. Daga baya ya gaya mana cewa kullum haka yake yi, domin tambayar da malami ya ba yara ita ce take nuna abin da ya ɗauka ya koyar, kuma littafin yaro ba a gyara shi saboda baƙo.

Yara hamsin da uku ne a aji ranar. Arba'in da ɗaya sun ci tambayoyin cike gurbi duka biyu. Bakwai kaɗai suka sami ko da ɗaya daga tambayoyin lambar ƙasa. Ta jerawa kuwa kusan kowa ya jera ne da girman lambar ƙasa, ya sa 1/8 sama da 1/2 saboda takwas ta fi biyu.

Sai ya kira wata yarinya da ta ci na cike gurbin, ya zana dogayen akwatuna biyu masu tsawo ɗaya a allo. Ya raba na sama biyu ya shafe ɗaya da alli, ya raba na ƙasa takwas ya shafe huɗu. Ya tambaye ta wanne ya fi yawa. Ta dubi zanen, ta ƙirga, ta ce na ƙasa, saboda huɗu ne. Gefen alli na akwatunan biyu yana tsaye a wuri ɗaya a gabanta, amma ba a taɓa nuna mata cewa nan ake dubawa ba. Wannan yarinya ta rubuta 1/2 = 2/4 minti ashirin da suka wuce, an kuma ba ta maki.

A ofis ya ce wa malamar, «Malama, ba na neman laifinki, ina so ki duba tare da ni. Manhaja ta ce yaro ya gane da zane. A ina ne yaro ya taɓa zane a darasin nan?» Ta ce, «Yallaɓai, na sa tsinken takarda a kayan aiki.» Ya ce, «Na gani a rubuce. A wane minti ya fito daga jakarki?» Ta yi shiru. Ya ci gaba, «To tambaya ta uku zuwa ta biyar, a wane wuri a cikin aikin aji yaro ya gwada irinsu kafin ki auna shi da su?» Nan ma babu amsa, domin babu wurin.

Ga yadda na fahimci matsalar. Indiketa ta nemi abu ɗaya, ganewa da ido. Aikin aji ya horar da abu na biyu, haddar dokar ninkawa. Tambayoyin ƙarshe, uku daga cikin biyar, sun auna abu na uku wanda ba a kai gare shi ba tukuna. Kamar tela ne ya auna riga, ya yanka wando, ranar karɓa ya miƙo hula. Kowane ɗaya a karan kansa aiki ne na gaskiya, kuma duk suna ƙarƙashin lissafin kaso, shi ya sa hedimasta bai ga komai ba da ya sa hannu. Abin da ya ba su damar rabuwa ba tare da an lura ba shi ne manufar da ta rubuta. Idan ka ce yara za su fahimta, babu aikin da za a ce bai dace ba, babu tambayar da za a ce ta fita daga layi, domin ba ka faɗi abin da za a ga yaro yana yi da hannunsa ko bakinsa ba.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne wanda na fi gani wurin malamai masu ƙoƙari. Ta ɗauka indiketa guda darasi guda ce. Tun da jimlar ta ƙare da maganar ƙaramar lambar ƙasa, sai ta ga wajibi ne ta tambaye ta ranar, ko da ba ta samu lokacin koyar da ita ba. Wannan indiketa kuwa ta ƙunshi zane, ta ƙunshi layin lambobi, ta ƙunshi lambar ƙasa. Yaron aji huɗu ba ya haɗiye waɗannan a sa'a guda. Ba laifi ba ne lamba ɗaya ta bayyana a shirin darussa uku a jere, muddin kowannensu ya faɗi yankin da ya ɗauka.

Yadda aka sake shi

Mun zauna bayan an tashi, kafin yara su dawo karatun Arabiyya. Abu na farko da muka yi shi ne raba indiketar uku. Darasi na ɗaya, tsinken takarda da zane, a tsaya kan rabi da rubu'i da sumuni kawai, domin waɗannan ana samunsu ta naɗe takarda biyu-biyu. Darasi na biyu, layin lambobi, a shigo da sulusi da sudusi. Darasi na uku, lambar ƙasa ta haɗin gwiwa. Dokar ninkawa kuma aka matsar da ita zuwa ƙarshen darasi na biyu, inda yara za su riga sun ga 1/2 da 2/4 da 4/8 a jere su lura da kansu cewa sama da ƙasa suna ninkuwa tare.

Ta ɗauki biro za ta fara daga buɗewa, na ce mata, «Malama, bari waƙa tukuna. Rubuta mini tambayoyin da za ki ba su a ƙarshe.» Ta ce, «Malam, ai ban san abin da zan koyar ba tukun.» Na ce idan ta rubuta tambayoyin za ta sani. Wannan shi ne wurin da muka fi daɗewa, kuma ya cancanci hakan.

Tambaya ta ɗaya: akwatuna biyu masu tsawo ɗaya, an shafe 1/2 a ɗaya, 2/4 a ɗayan. Yaro ya rubuta sunan kowanne, ya ce daidai suke ko a'a. Wannan ganewa ce da faɗin suna, kalma da kalma abin da indiketa ta nema.

Ta biyu: zanen 3/4, a ƙasa an rubuta 5/8 da 6/8 da 4/5, yaro ya zaɓi wanda ya yi daidai da zanen. Ba haka kawai muka sa 4/5 ba. Akwai yaran da suke jin «a yi wa sama abin da aka yi wa ƙasa», sai su ƙara ɗaya sama su ƙara ɗaya ƙasa, 3/4 ya zama 4/5. Wanda ya zaɓi wannan ya gaya wa malama ainihin inda kansa ya karkace. Wanda ya zaɓi 5/8 kuwa yawanci ƙirga ce ta kuɓuce masa ko zanensa bai rabu daidai ba, kuma maganinsa daban ne. Amsar da ba daidai ba idan an zaɓe ta da tunani tana yi wa malami rabin aikin bincike.

Ta uku: yaro ya yi zane da kansa da zai nuna 2/8 daidai yake da 1/4.

Ta huɗu: wani yaro ya ce 4/8 ya fi 1/2 domin huɗu ta fi ɗaya, shin ya yi gaskiya? Da farko ta rubuta cewa yaro ya yi bayani a jimla. Nan muka tsaya. Daga aji huɗu ne ake komawa koyarwa da Turanci, yaranmu kuwa Hausa suke yi a gida, Tuwi a kasuwa, wasu kuma da yaren iyayensu na arewa. Yaron da ya gane sarai cewa 4/8 rabi ne yana iya kasa haɗa jimlar Turanci, a ba shi sifiri, a rubuta cewa bai iya lissafi ba, alhali Turancinsa aka auna. Sai muka mai da ita: ya rubuta i ko a'a, ya nuna hujjarsa da zane. Bayanin baki aka bar shi zuwa lokacin waiwaye, inda malama za ta ji shi da kunnenta, ta kuma taimaka masa da kalmar da ta ɓace.

Da tambayoyin suka zauna, manufar ta rubuta kanta. A ƙarshen darasi, idan aka ba yaro zanen kaso daga cikin rabi da rubu'i da sumuni, zai faɗi sunansa, ya kawo wani mai daraja ɗaya da shi, ya nuna hakan da zane, a tambaya uku aƙalla daga cikin huɗu. Akwai aiki a ciki da ido zai gani, akwai iyakar abin da aka ɗauka, akwai ma'aunin da za a ce an kai ko ba a kai ba.

Sannan muka koma tsakiya da doka guda: duk abin da tambaya ta nema, sai an sami wurin da yaro ya yi irinsa da hannunsa kafin a auna shi. Tambaya ta ɗaya da ta biyu suna neman kwatanta tsawo, don haka akwai naɗe tsinke da jera su. Ta uku da ta huɗu suna neman zane, don haka dole a ware lokacin da yara za su zana, malama tana zagayawa. Wannan na biyun shi ne abin da aka fi mantawa. Malami ya sa yara su naɗe takarda, su ji daɗi, sannan ya ce su zana a gwaji, alhali ɗauke abu daga takardar hannu zuwa zanen littafi wani mataki ne mai zaman kansa.

Lissafin kayan ma mun yi shi a rubuce. Yara bibbiyu, wato rukuni ashirin da tara, kowane rukuni da tsinke huɗu: ɗaya a bar shi cikakke, ɗaya a naɗe biyu, ɗaya huɗu, ɗaya takwas. Tsinke ɗari da goma sha shida ke nan. Takardar A4 tana da faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, idan aka yanka ta a kwance, kowane tsinke da faɗin santimita uku, ana samun tara. Takarda goma sha uku ta isa, kuma tsofaffin takardun jarrabawa masu farin baya muka yi amfani da su. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne duk tsinken su zama tsawo ɗaya. Idan na wannan ya fi na wancan tsawo, rabin ɗaya ba zai yi daidai da rubu'i biyu na ɗayan ba, darasin ya koyar da akasin abin da aka nufa. Shi ya sa ita ta yanka su a gida, ba ta bar wa yara ba.

Lokaci kuma aka kasa shi haka. Minti goma na buɗewa, inda aka cire waƙar ƙidaya aka sa tambaya: burodi ɗaya, an ba wannan rabi, an ba wancan yanka biyu daga cikin huɗu, wa aka cuta? A bar su su yi gardama, kada a ba da amsa. Minti arba'in na gundarin aiki: goma na naɗewa da rubuta suna a kowane yanki, goma na jera tsinke a nemo inda layukan naɗi suka haɗu, takwas na zane, sha biyu na tambayoyin huɗu. Minti goma na ƙarshe a koma kan burodi, yara su yanke hukunci da tsinkensu.

A gurbin manyan ƙwarewa ta bar biyu: tunani da warware matsala, wanda ta danganta da tambaya ta huɗu, da sadarwa da aiki tare, wanda ta danganta da aikin bibbiyu. Hedimasta bai so haka ba. Ya ce, «Malam, wannan jami'in ya yarda, to idan wani ya zo ya ga gurbi da abu biyu ya ce ba mu cike ba fa?» Damuwarsa tana da tushe, domin masu dubawa ba hali ɗaya gare su ba, kuma akwai wanda idonsa yake kan yawan rubutu. Ra'ayina shi ne abin da malami zai iya nunawa da yatsa a cikin darasi ya fi sauƙin karewa a gaban kowane irin sufeto. Wanda ya rubuta shida, tambaya ɗaya ta isa ta kayar da shi: nuna mini inda aka yi wannan. Wanda ya rubuta biyu yana da amsa a kan kowanne. Hedimasta ya sa hannu, ko da yake na ga bai gama sakin jiki ba.

Zuwa na biyu

Jami'in ya dawo ya zauna a bencin baya da shirin a cinyarsa. Yara hamsin da huɗu ne. Darasin bai tafi yadda aka tsara ba ta fuskar lokaci. Naɗewa ta ci minti goma sha bakwai maimakon goma, domin naɗi na uku, wanda ke ba da sumuni, yana karkacewa a hannun yaro, wasu kuma sun buɗe tsinke sun ga bakwai da guntu. Lokacin zane ya ragu zuwa kamar minti huɗu. Malamar ta yi abin da ya dace da ta ƙi taɓa lokacin tambayoyi, ta rage daga waiwaye.

Sakamakon ya nuna wannan ragin a fili. Arba'in da tara sun ci ta ɗaya, talatin da takwas ta biyu, talatin da uku ta uku, ashirin da tara ta huɗu. Talatin da huɗu ne suka kai ma'aunin uku cikin huɗu. Daga cikin goma sha shidan da suka faɗi ta biyu, goma sha ɗaya 4/5 suka zaɓa. A ta uku kuwa yawancin kuskuren iri ɗaya ne: yaro ya zana akwatin sumuni ya fi na rubu'i tsawo, domin yana ganin mai yanki takwas ya fi buƙatar wuri.

Yara ashirin ba su kai ba, amma jami'in bai ɗauki wannan a matsayin faɗuwar shiri ba. Abin da ya ce shi ne yanzu lambobin suna da ma'ana. A karon farko, arba'in da ɗayan da suka ci ba su nuna an koyi abin da manhaja ta nema ba, waɗanda suka faɗi kuma ba su nuna an kasa koyarwa ba, tun da ba a koyar ba. A karo na biyu yana iya bin kowace tambaya zuwa mintin da aka yi aikinta, ya ga cewa inda lokaci ya yi ƙaranci nan maki ya sauka. Ya tambaye ta, «Malama, gobe me za ki yi da sha ɗayan nan?» Ta buɗe gurbin tsokaci a ƙasan shirin, inda ta riga ta rubuta adadinsu da irin kuskurensu, ta ce za ta fara darasi na biyu da tsinken 3/4 da zanen 4/5 masu tsawo ɗaya a kan allo, su ga da idonsu cewa gefen bai haɗu ba.

Bai tafi ba sai da ya bar gyara biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Na farko, shirin bai ce komai ba a kan yaran da suka gama da wuri, wajen takwas, waɗanda suka zauna suna wasa da tsinke, ko a kan 'yan kaɗan da ko sunan 1/4 ba su iya rubutawa ba. Haɗa manufa da aiki da gwaji ba ya warware wannan, shiri yana iya zama a haɗe tsaf amma an ɗinka shi don yaro na tsakiya kaɗai. Na biyu, ya ce ta kula kada son a ga komai ya dace ya sa ta riƙa sauko da manufa ƙasa. Malami yana iya rubuta cewa yara za su kwafi misali uku, ya sa su kwafa, ya duba ko sun kwafa, komai ya haɗu, ba a koyi komai ba. Shi ya sa yake komawa kan indiketa a ƙarshe: manufar darasi tana iya ɗaukar yanki daga cikinta, amma ba ta da izinin sauya irin aikin da ta nema. Idan manhaja ta ce a gane a nuna, kwafi bai shiga ba.

Akwai wahalar da ba mu gama da ita ba, ta duba littattafai. Tambaya huɗu ga yara hamsin da takwas amsa ɗari biyu da talatin da biyu ce, rabinsu zane, kuma lissafi ɗaya ne daga cikin darussan da take koyarwa a yini. Abin da take yi yanzu shi ne ta fara duba tambaya ta biyu da ta uku kaɗai a duk littattafan, ta kasa su gida uku, waɗanda suka samu, masu ƙara ɗaya sama da ƙasa, da masu zanen da bai yi tsawo ɗaya ba. Wannan ya isa ta san yadda za ta buɗe darasin gobe, sauran makin ta cike daga baya.

Darasi na biyu ya zo da tasa matsalar tun a wajen shiri. Sulusi ba ya naɗuwa da sauƙi, yaro ba zai raba tsinken santimita 21 gida shida daidai da ido ba, kuma mun riga mun ga abin da naɗi ya yi wa lokaci. Sai ta yanka sababbin tsinke ta tsawon takardar, kowanne santimita 24, domin 24 tana rabuwa da biyu da uku da huɗu da shida da takwas ba tare da saura ba. Yara suka sa alama da rula: kowane santimita takwas sulusi, kowane huɗu sudusi, kowane goma sha biyu rabi. Gefen tsinken shi ya zama layin lambobi, sifiri a hagu, ɗaya a dama. A manufa ta rubuta cewa yaro zai sa kaso a kan layi ya nuna biyu da suka faɗa wuri ɗaya, tambayoyinta huɗu duk a kan layi suke, ta ware minti goma sha biyu cur don yara su zana layin a littafinsu, ta kuma ƙara tambaya ta biyar ga masu gamawa da wuri: su nemo kaso uku da suke zaune a kan santimita goma sha biyu.